Katangar da Ke Cewa Ka Kashe Manhajar Toshe Talla: Ta Wace Ƙofa Za Ka Bi?



Sharhinmu na yau a kan wani abu ne da duk mai karanta jarida a waya ko a kwamfuta yake cin karo da shi. Ka ga kan labari ya ja hankalinka, ka danna, ka fara karanta layi biyu ko uku, sai shafin ya dushe, wani akwati ya fito a tsakiya da rubutun "Ad blocker detected", ko kuma "Please disable your ad blocker". Saƙon shi ne: mun gane kana toshe tallace-tallacenmu, ka kashe manhajar in kana son ganin labarin. Ka ja shafin sama ya ƙi, ka ja ƙasa ya ƙi. A daidai wannan lokaci ne mutum yake yanke shawara cikin gaggawa, kuma yawancin ɓarnar da ake yi wa waya da asusun mutane a wannan fage daga gaggawar take fitowa. Abin da nake so mu fahimta yau shi ne, hanyoyin wuce wannan katanga ba su yi daidai da juna wajen haɗari ba, kuma wadda ta fi kama da dabara ita ce ta fi cutarwa.

Bari mu fara da yadda shafin yake gane ka. Ba leƙa cikin wayarka yake yi ba. Manhajar toshe talla, irin su Adblock Plus da uBlock Origin, tana aiki ne da dogon jerin sunaye da adireshi da aka san na talla ne, kuma jerin da ya fi shahara shi ne EasyList. Duk abin da ya zo a shafi da suna irin na talla, sai ta hana shi sauka ko ta ɓoye shi. Masu jarida sun san haka, don haka sai su ɗana tarko. Suna saka wani ɗan akwati da babu komai a cikinsa su ba shi suna kamar adsbox, ko wani ɗan fayil mai suna ads.js. Bayan shafi ya buɗe, wani ɗan umarni na JavaScript zai duba ko akwatin yana nan. Kamar yadda uwargida kan ajiye gutsuren ƙuliƙuli a ɗaki don ta san ko akwai ɓera: in gari ya waye babu shi, ta samu amsa. Da umarnin ya ga akwatin ya ɓace, sai ya rufe labarin da labule, ya kulle jan shafi, ya fito da wancan saƙo.

Sanin wannan yana da amfani biyu. Na farko, tarkon yana kama wanda bai san ma yana toshe talla ba. Opera Mini, da mutanenmu da yawa suke amfani da ita don tsimin data, tana da nata makunnin toshe talla a ciki. Brave kuwa da toshewarta take zuwa tun daga farko. Firefox in an tsananta mata kariya daga masu bibiya, wasu shafuka kan ɗauke ta a matsayin mai toshe talla. Haka nan akwai wayoyin Android da mai gyara ko wani ɗan'uwa ya shiga Private DNS ya rubuta adireshin AdGuard, mai wayar bai sani ba. Saboda haka in saƙon ya fito kai kuma ka san ba ka saka komai ba, waɗannan wuraren za ka fara dubawa. Amfani na biyu shi ne, a shafuka da yawa labarin ya riga ya sauka cikin wayarka gaba ɗaya, labule kawai aka sa masa. A wasu kuma ba a aiko shi ba sam sai an ga talla ta fito. Wannan bambanci shi ke nuna wace hanya za ta yi aiki.

Kafin mu shiga hanyoyin, ya kamata a yi wa kowane ɓangare adalci. Jarida tana biyan 'yan rahoto da editoci, kuma in tana ba ka labari kyauta, talla ce ke biya. A watan Oktoba na 2015 jaridar Bild ta Jamus ta rufe ƙofarta ga masu toshe talla, ta ce ko ka kashe ko ka biya. Mujallar Forbes ta Amurka ta bi sahu a watan Disamba na wannan shekarar, Wired kuma a farkon 2016 ta ce ko ka bar tallarta ta fito ko ka biya dala ɗaya a mako. Kamfanin Axel Springer, mai Bild, har kotu ya kai kamfanin eyeo na birnin Kolon, masu Adblock Plus. A watan Afrilu na 2018 babbar kotun tarayyar Jamus ta ce toshe talla bai saɓa wa dokar gasar kasuwanci ba, amma ta nuna cewa ita ma jarida tana da damar hana mai toshewa shiga. Wato kai kana da iko da abin da zai sauka a na'urarka, su ma suna da iko da ƙofarsu.

Shi ma mai toshewa ba don rowa kaɗai yake yi ba. A 2015 jaridar New York Times ta gwada manyan shafukan labarai 50 a waya, ta gano cewa fiye da rabin datar da suke ci ta talla ce da abubuwan da ke biye da ita, ba ta labari ba. Ga wanda yake sayen data da kuɗin guminsa, musamman tun da hukumar sadarwa ta Najeriya ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

To, hanya ta farko ita ce wadda katangar ta nema: ka kashe manhajar. A nan tambaya ita ce, ka kashe ta a ina? Mu ɗauki misalin wata malamar makaranta da ke shirya darasi a kwamfutarta, tana amfani da Firefox da uBlock Origin, ta buɗe rahoton wata jarida da ta daɗe da sani, katanga ta tare ta. Abu na farko, ta dubi adireshin da ke sama da kyau, harafi bayan harafi, ta tabbatar jaridar ce ta gaskiya, domin 'yan damfara kan ƙara harafi ɗaya ko su canza ƙarshen adireshi. Na biyu, ta danna jar alamar garkuwa ta uBlock Origin da ke saman burauza. Za ta ga wani babban maɓalli shuɗi mai alamar kunnawa da kashewa. In ta danna shi, toshewar ta tsaya a wannan jarida kaɗai, sauran intanet kuwa tana nan a kulle. In ta riƙe Ctrl sannan ta danna, a wannan labari guda kawai za ta tsaya. Sai ta sake loda shafin, katangar ta tafi, ta karanta. In ta gama kuma ba jaridar da take zuwa kullum ba ce, ta koma ta kunna. A Brave ma haka ne, alamar zaki za ka danna ka sauke kariyar ga shafi ɗaya.

Kuskuren da ake yi shi ne mutum ya je ya cire manhajar ɗungurungum, ko ya kashe ta ga dukan shafuka saboda labari ɗaya, sannan ya manta. Wanda toshewarsa ta Private DNS ce shi ya fi shiga wannan matsala, domin wannan tsari ba ya ware shafi ɗaya; in ka kashe, ka kashe wa wayar duka, har da sauran manhajojin da ke cikinta. Irin wannan mutum sai ya tuna ya mayar da zarar ya gama.

Mene ne haɗarin wannan hanya ta farko, ko da an bi ta yadda ya kamata? Haɗarin shi ne jarida ba ita take zaɓar kowace talla da hannunta ba. Gurbin talla gwanjonsa ake yi a cikin ƙiftawar ido tsakanin dillalai da yawa, kuma mugu yana iya sayen gurbi kamar kowa. A watan Janairun 2016 wani masanin tsaron kwamfuta, Brian Baskin, ya bi umarnin Forbes ya kashe manhajarsa, nan take wata taga ta buɗe a bayan shafin tana neman ta cusa masa muguwar manhaja, ya kuma wallafa abin da ya gani. A watan Maris na wannan shekarar, tallace-tallace masu guba suka ratsa ta hannun dillalan talla suka bayyana a manyan shafuka irin su New York Times da BBC da MSN, suna neman kwamfutocin da ba a sabunta ba don su kulle fayiloli a nemi kuɗin fansa. Ko hukumar FBI ta Amurka, a wata sanarwa ta Disambar 2022 kan tallan damfara a shafukan bincike, ta ba mutane shawarar amfani da manhajar toshe talla.

Sai dai a auna haɗarin da ma'auninsa. Waccan guba ta 2016 ta dogara ne da tsofaffin abubuwa irin su Flash, wanda aka daina amfani da shi a ƙarshen 2020. A yau, in burauzarka sabuntacciya ce, da wuya talla ta kama ka ba tare da ka taɓa komai ba. Abin da ya rage shi ne yaudara: tallar da ke cewa wayarka ta kamu da cuta, ko ka ci kyauta, ko wani ƙaton maɓalli mai rubutun Download da ba na jaridar ba ne, ko wanda in ka danna sai ka tarar an sa ka a wani tsari da ke cin kuɗin katinka kullum. Don haka sharaɗin wannan hanya biyu ne: burauza ta zama sabuntacciya, kuma yatsanka kada ya taɓa komai sai labarin. Akwai kuma kuɗin da kake biya da ba ka gani, wato masu bibiya da za su rubuta cewa ka karanta wannan labari. In labarin ya shafi wata cuta ko wani sirri naka, ka buɗe shi a tagar sirri, wadda Chrome ke kira Incognito, domin abin da suka ajiye ya goge in ka rufe. Wannan ba ya ɓoye ka ga kamfanin layinka, amma yana rage haɗa wannan karatu da sauran yawonka.

Hanya ta biyu ita ce ka yaye labulen da kayan da ke cikin burauzarka, ba tare da ka sauke wani sabon abu ba. Firefox da Safari da Edge duk suna da yanayin karatu, wanda ke tsamo rubutu zalla ya zubar da sauran tarkace. A Firefox wata 'yar alamar takarda ce a gefen adireshi. In labarin ya riga ya sauka, kana danna ta sai ga shi fes, babu talla babu katanga. In kuwa ka danna ka ga sakin layi ɗaya ko biyu kawai, ka san wannan jarida ba ta aiko sauran ba, babu dabarar da za ta fito da abin da ba ya nan. Makamancin wannan shi ne kashe JavaScript ga shafin, wanda a Chrome ake samu a ƙarƙashin Site settings. Tunda mai duba tarkon da JavaScript yake aiki, in an kashe shi katangar ba ta tashi. Amma sau da yawa hotuna da bidiyo ba za su fito ba, wani shafin ma fari fat zai zama, kuma in ka kashe wa dukan shafuka bisa kuskure, shafin bankinka da na imel ɗinka za su daina aiki ka rasa dalili.

Ta fuskar tsaro wannan hanya ita ce mafi sauƙin haɗari, domin babu baƙon da ka shigo da shi. Nauyinta na lamiri ne. Jarida ta ce ga sharaɗina, kai kuma ka zagaya. In sau ɗaya ne don wani labari da ka ci karo da shi, wannan daban. In kuwa jaridar da kake karantawa kowace safiya ce, kana amfana da wahalar 'yan rahotonta, gaskiya ita ce ko ka bar tallarta ta fito ko ka biya kuɗin rajista in tana da shi. Kuma a rarrabe katangar talla da katangar biya. Wadda ta ce sai ka biya kafin ka karanta, kaya ne na sayarwa, tsallake ta wata magana ce daban da ta shafi haƙƙin mallaka.

Yanzu ga hanya ta uku, wadda saboda ita na kawo wannan sharhi. Mutum ya gaji da katanga, sai ya je ya nemi wata manhaja da aka ce tana rusa katangar gaba ɗaya, ya ɗora a burauzarsa. Ku saurari abin da ya faru da Nano Defender. Wannan manhaja aikinta ke nan, hana shafuka gane cewa kana toshe talla, kuma tana da 'yar'uwa mai suna Nano Adblocker. Ba na 'yan damfara ba ne tun asali, mutane sun yarda da su, masu amfani da su sun kai dubu ɗaruruwa. A watan Oktoba na 2020 wanda ya ƙirƙire su ya ce ba shi da lokacin kula da su, ya sayar wa wasu. Cikin 'yan kwanaki sababbin masu su suka tura sabuntawa ga masu Chrome. Raymond Hill, mai uBlock Origin, ya duba abin da aka ƙara, ya yi gargaɗin cewa manhajar ta koma aika bayanan yawon mutane zuwa wata uwar garke ta waje. Sai ga mutane suna ganin asusunsu na Instagram yana danna alamar so a hotunan da ba su taɓa gani ba. Google ya cire manhajojin daga kantinsa, amma bayan an riga an yi ɓarna.

Dalilin da ya sa wannan ya fi tallar guba muni shi ne izinin da irin wannan manhaja take karɓa. Lokacin ɗora ta, Chrome yakan nuna maka cewa za ta iya karantawa da canza duk bayananka a dukan shafuka. Dole ne ta samu wannan izini kafin ta yi aikinta, amma ma'anarsa ita ce tana ganin shafin bankinka, da imel, da duk asusun da kake ciki. Talla mai guba a shafi ɗaya take, kana rufe shi ta tafi. Manhaja kuwa tana tare da kai ko'ina, kuma tana sabunta kanta ba tare da ta tambaye ka ba, don haka wadda take da amana yau tana iya canza hannu gobe. Ga kuma na jabu: a watan Afrilu na 2018 kamfanin AdGuard ya bankaɗo wasu manhajojin toshe talla na bogi a kantin Chrome da mutane sama da miliyan 20 suka ɗora. Ka guje wa gara ka faɗa wa zago. Haka abin yake ga fayilolin APK da ake turawa a zaurukan WhatsApp da sunan burauza marar talla, da shafukan da ke cewa liƙa adireshin labari a nan mu buɗe maka. Waɗannan na ƙarshe suna ganin duk abin da kake karantawa, suna iya canza abin da suke nuna maka, kuma kada ka kuskura ka rubuta kalmar sirri a cikinsu.

Akwai kuma katangar da ita kanta ƙarya ce, kuma gane ta ba wuya. Katangar gaskiya abu biyu kawai take nema, ka kashe toshewa ko ka biya ta hanyar rajistar jaridar. Duk wadda ta nemi abu na uku tarko ce. In ta ce ka danna Allow kafin ka ci gaba, izinin turo maka sanarwa take nema, kuma daga ranar wayarka za ta cika da saƙonnin ƙarya ko da ka rufe shafin. Maganinsa ka shiga Site settings, sannan Notifications, ka cire sunan shafin. In ta ce ka sauke wata manhaja ko ka sabunta burauza ta wani maɓalli da ke cikin shafin, ka rufe. In ta nemi lambar wayarka ko ta katin banki don wai a tabbatar kai mutum ne, ka rufe. Mafi muni, wadda ta yaɗu tun 2024, ita ce mai ce wa mai kwamfuta ya danna maɓallin Windows tare da R, sannan Ctrl da V, sannan Enter. Wanda ya yi haka, da hannunsa ya shigar da umarnin ɓarawo cikin kwamfutarsa, kuma abin da ke biyo baya shi ne kwashe kalmomin sirrin da burauza ta adana. Babu jaridar gaskiya da za ta taɓa neman wannan.

Hanya ta huɗu mutane kan manta da ita: ka bar shafin. Labari mai muhimmanci da wuya ya zama a wuri ɗaya. Ka kwafi kan labarin ka bincika, sau da yawa za ka tarar asalinsa daga kamfanin dillancin labarai ne kamar Reuters ko NAN, kuma wasu jaridu sun ɗauka. In tsohon labari ne, Wayback Machine na cibiyar Internet Archive yana iya samun kwafinsa, sai dai ka lura da ranar da aka adana shi, domin in jaridar ta yi gyara daga baya, kwafin ba zai nuna ba.

Saboda haka, masu saurare, ga yadda zan jera su. Jaridar da ka sani kake kuma komawa gare ta, ka buɗe mata ita kaɗai, ko ka biya. Shafin da ba ka sani ba, kada ka sauke masa kariyarka. Ka gwada yanayin karatu, in bai yi ba ka nemi labarin a wani wuri. Manhajar toshe talla guda ɗaya sananniya, daga kantin burauzarka na asali, ta wadatar, kada ka ƙara mata wata don yaƙi da katanga. Wanda kuma ya riga ya ɗora irin waɗannan, yau ya buɗe jerin Extensions na burauzarsa, ya cire duk wadda bai san ta ba ko bai tuna dalilin saka ta ba, ya fita daga asusunsa a dukan na'urori, sannan ya canza kalmomin sirri, ya fara da na imel domin ta nan ake sake saita sauran.